Bashi ko hannun jari: shin yadda aka haɗa jarin injin casar shinkafa yana canza darajarsa?

Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka kuma fara aiki a Janairun 2026, masu ƙanana da matsakaitan masana'antu suke ta tambayar abin da ya shafe su. A yankunan da ake casar shinkafa, irin su Kura da Bunkure da Garun Malam a Kano, da Auyo da Haɗeja a Jigawa, akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu injina: wai kamfanin da ya ci bashin banki harajinsa yana raguwa, don haka mai gudanar da kasuwanci da kuɗinsa zalla asara yake yi bai sani ba. Wasu kuma suna cewa wannan zancen 'yan boko ne kawai, injin da ke casa buhu ɗari a rana buhu ɗari zai casa, ko da kuɗin wa aka saye shi.

Kowane ɓangare yana riƙe da rabin wata tsohuwar muhawara ta masana harkar kuɗi. Wasu malamai biyu a Amurka, Franco Modigliani da Merton Miller, sun nuna a 1958 cewa idan babu haraji, kuma kasuwa tana tafiya ba tangarɗa, yadda kamfani ya raba jarinsa tsakanin bashi da hannun jari ba ya ƙara masa daraja, ba ya rage masa. A 1963 suka dawo suka gyara lissafin don shigar da harajin kamfanoni, sai sakamakon ya canza. Dukansu biyu sun samu kyautar Nobel daga baya, Modigliani a 1985, Miller a 1990. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da suka faɗa ita ce a ɗauki inji ɗaya a bi kuɗinsa naira-naira.

## Kalmomi huɗu da za a riƙe

Tsarin jari shi ne yadda aka haɗa kuɗin da kamfani ke aiki da su: nawa ne na masu shi, nawa ne aka ranto. Mai hannun jari ba a yi masa alƙawarin komai ba, abin da ya rage bayan an sallami kowa shi ne nasa, ko da yawa ko kaɗan. Mai ba da bashi kuwa an yanka masa adadi, kuma shi ake fara biya.

Ribar aiki ita ce abin da ya rage daga ciniki bayan an biya kuɗin shanshera da dizal da buhuna da lebura da gyaran inji, amma kafin a biya kuɗin ruwa ko haraji. Wannan ribar daga injin take fitowa, ba ruwanta da wanda ya ba da kuɗin sayensa.

Darajar kamfani kuma ita ce jimillar abin da za a biya a kasuwa don mallakar duk wani haƙƙi da ake da shi a kansa, wato darajar hannun jari haɗe da darajar bashi. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin suna ɗaukar darajar kamfani a matsayin rabon masu shi kaɗai.

## Injina biyu, babu haraji

A ɗauka akwai masana'antun casa guda biyu a gari ɗaya, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Injinsu iri ɗaya ne, kasuwarsu ɗaya, kuma kowacce tana samun ribar aiki ta naira miliyan 20 a matsakaiciyar shekara, ana kuma sa ran haka za ta ci gaba. Masu zuba kuɗi a irin wannan sana'a, saboda haɗarin da ke cikinta, suna neman kashi 20 cikin 100 a shekara. An zaɓi waɗannan alƙaluma ne don lissafin ya fita dalla-dalla.

Masana'antar gabas ba ta da bashin kowa. Abin da ke kawo miliyan 20 duk shekara, ga mutanen da ke neman kashi 20 cikin 100, darajarsa miliyan 100 ce. Duka ɗin na masu hannun jari ne.

Masana'antar yamma tana da bashin miliyan 50, da ruwan kashi 10 cikin 100. Duk shekara banki zai karɓi miliyan 5, masu hannun jari su tashi da miliyan 15. Idan darajar masana'antar miliyan 100 ce kamar ta gabas, rabon masu hannun jari miliyan 50 ke nan, kuma miliyan 15 a kan miliyan 50 kashi 30 cikin 100 ne.

Daga nan ne zancen ke yin daɗi a baki. Akanta zai ce wa mai injin: "Alhaji, duba, maƙwabcinka yana samun kashi 30 a kan kuɗinsa, kai kana samun 20. Kuɗin banki kashi 10 ne kawai, me kake jira?" Lissafin akantan daidai ne, amma na shekara ɗaya ya yi.

A shekarar da damina ta yi kyau, shanshera ta yi araha, ribar aiki ta kai miliyan 30, masu gabas za su samu kashi 30 cikin 100. Masu yamma za su biya banki miliyan 5 su raba 25, wato kashi 50 cikin 100. A shekarar da ribar ta faɗo miliyan 10, masu gabas suna da kashi 10, masu yamma ma kashi 10. Idan kuma ambaliya ta ci gonaki, ko shinkafar waje ta cika kasuwa, ribar ta tsaya a miliyan 4, masu gabas za su raba miliyan 4 ɗinsu su yi haƙuri. Masu yamma ba za su samu ko sisi ba, kuma sai sun nemo miliyan 1 daga wani wuri sun cika wa banki.

A lura da abin da ya faru. Daga shekarar miliyan 10 zuwa ta miliyan 30, rabon masu gabas ya motsa daga kashi 10 zuwa 30, tazarar 20. Na masu yamma ya motsa daga 10 zuwa 50, tazarar 40. Haɗarin sana'ar bai ƙaru ba, amma an tattara shi gaba ɗaya an ɗora wa rabin jarin, sai nauyinsa ya ninka a kan kowace naira. Ƙarin kashi 10 da masu yamma ke samu ladan ɗaukar wannan nauyin ne.

Idan aka haɗa tsadar kuɗin masana'antar yamma gaba ɗaya, rabi ana biyansa kashi 10, rabi yana neman kashi 30, matsakaicinsu kashi 20 ne, daidai da na gabas. Arahar bashi ta tafi a tsadar hannun jari. Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce:

```
rE = rU + (rU − rD) × D/E
```

A nan rE shi ne abin da masu hannun jari ke nema, rU abin da ake nema a kamfani marar bashi, rD kuɗin ruwa, D bashi, E kuma darajar hannun jari. A misalinmu, 20 a ƙara da 10 sau 1, ya ba da 30.

## Me zai hana a sayi ta yamma da tsada?

Har yanzu akwai giɓi a hujjar. An ɗauka ne kawai cewa darajar masana'antar yamma miliyan 100 ce. Mai ja zai iya cewa mutane suna son kashi 30, don haka za su biya fiye da miliyan 50 a hannun jarinta. Amsar wannan ita ce ainihin gudummawar malaman biyu, kuma ta cancanci a bi ta a hankali.

A ce an ruɗu, hannun jarin yamma ya tashi zuwa miliyan 60, jimillar darajarta da bashi ta zama 110. Akwai wata hajiya mai kashi ɗaya cikin goma na wannan hannun jari. Rabonta a kasuwa miliyan 6 ne, kuma a matsakaiciyar shekara tana karɓar miliyan 1.5.

Sai ta sayar da rabonta ta karɓi miliyan 6. Ta je ta ranci miliyan 5 da sunanta, da ruwan kashi 10, kuɗin hannunta suka zama miliyan 11. Ta sayi kashi ɗaya cikin goma na masana'antar gabas a kan miliyan 10. Yanzu duk shekara gabas za ta ba ta miliyan 2, ta biya ruwan dubu 500, ta tashi da miliyan 1.5, abin da take samu a da ke nan. A shekarar ribar miliyan 10 za ta karɓi miliyan 1, ta biya dubu 500, saura dubu 500, wanda shi ne za ta samu da ta zauna a yamma. A shekarar miliyan 30 za ta tashi da miliyan 2.5 ta kowace hanya. Kuɗin shigarta bai canza ba, haɗarinta bai canza ba, ga kuma miliyan 1 a jakarta da ba ta yi wa wahalar komai ba.

Irin wannan garaɓasa ba ta daɗewa. Duk mai hannun jari a yamma da ya gane zai yi abin da hajiyar ta yi, sayarwa ta yi yawa, farashi ya sauko har miliyan 50, inda ribar canjin sheƙa ta ƙare. Idan kuma aka yi wa yamma arahar da ta wuce kima, sai a juya dabarar: mutum ya sayar da rabonsa na gabas, ya sayi wani yanki na hannun jarin yamma da yanki daidai da shi na bashinta, ya samu kuɗin shiga iri ɗaya a farashi ƙasa da na da. Abin da kamfani ya yi ta hanyar cin bashi, mai zuba jari zai iya yi ko warwarewa da kansa, don haka ba zai biya kowa lada a kai ba.

Malaman sun kawo kwatance da madara, wanda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san ruga. Mai shanu za ta iya sayar da madararta yadda take, ko ta kaɗa ta fitar da man shanu ta sayar da shi da tsada. Amma nonon da aka cire wa mai ya rage kuɗi, kuma idan kasuwa ta san abin da take saye, jimillar ƙwaryar ba za ta canza ba.

Hujjar ta tsaya ne a kan sharuɗɗa. Babu haraji. Mutum yana iya rance da ruwa ɗaya da kamfani. Saye da sayarwa ba su da kuɗin dillali. Kowa ya san gaskiyar littafin kamfani. Kasa biyan bashi ba ya jawo wata ƙarin asara. Kuma cin bashin bai canza yadda ake gudanar da injin ba. Babu kasuwar da ta cika waɗannan duka, balle ƙauyen da hannun jarin inji ba ya canza hannu sai ta hanyar gado ko sulhun 'yan'uwa. Amfanin nazarin shi ne yana nuna inda za a duba. Idan wani ya ce bashi ya ƙara wa kamfani daraja, dole ya nuna wane sharaɗi ne ya karye, kuma daga aljihun wa ƙarin ya fito.

## Gwamnati ta shigo rabo

Yanzu a saka harajin kamfanoni na kashi 30 cikin 100, wanda shi ne adadin da manyan kamfanoni ke biya a Najeriya. Za a ajiye sauran ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa gefe don kada lissafin ya cakuɗe. Abin da ya canza komai wata ƙa'ida ce guda: doka tana ɗaukar kuɗin ruwa a matsayin kuɗin da aka kashe wajen gudanar da kasuwanci, ana cire shi kafin a lissafa haraji. Ribar da ake raba wa masu hannun jari kuwa sai bayan an biya haraji ake fitar da ita.

Masana'antar gabas ta samu miliyan 20, ta biya harajin miliyan 6, masu ita suka raba 14. A kan kashi 20 cikin 100, darajarta ta zama miliyan 70.

Masana'antar yamma ta samu miliyan 20, ta biya banki miliyan 5, saura 15. Harajin 15 ɗin miliyan 4.5 ne, masu hannun jari suka raba miliyan 10.5. Idan aka haɗa abin da ya shiga hannun banki da na masu hannun jari, miliyan 15.5 ke nan, a kan miliyan 14 na gabas. Bambancin miliyan 1.5 ne duk shekara, wato kashi 30 cikin 100 na kuɗin ruwan. Wannan ake kira garkuwar haraji.

Nawa ce darajar wannan miliyan 1.5 a yau? Idan bashin na dindindin ne, ana sabunta shi duk lokacin da wa'adinsa ya cika, kuma tabbacin samun rangwamen daidai yake da tabbacin biyan ruwan, sai a auna shi da kashi 10 cikin 100. Miliyan 1.5 duk shekara a kan kashi 10 ya ba da miliyan 15. Hanya mafi gajarta ita ce a ninka bashin da adadin haraji, 50 sau kashi 30 cikin 100:

```
VL = VU + T × D
```

VL darajar kamfani mai bashi ce, VU ta marar bashi, T adadin haraji. Darajar yamma ta zama 70 a ƙara 15, wato miliyan 85. A cire bashin 50, hannun jarinta miliyan 35 ne.

Wani zai ga 35 ya ce ai masu yamma sun fi masu gabas talauci, tunda na gabas 70 ne. A tuna cewa miliyan 50 da aka ranto sun maye gurbin kuɗin da masu yamma za su zuba daga aljihunsu. Idan masana'antar gabas ta ranci miliyan 50 yau ta miƙa wa masu ita, za su riƙe tsabar kuɗi 50 da hannun jari na 35, jimilla 85 maimakon 70. Matsakaicin tsadar kuɗin kamfanin ma ya sauko daga kashi 20 zuwa kusan 16.5 cikin 100, wato 14 a kan 85.

To daga ina miliyan 15 ta fito? Injin bai casa ƙarin buhu ko ɗaya ba. Jimillar abin da yake samarwa har yanzu miliyan 100 ce a daraja, masu rabo ne suka zama uku. A gabas, masu hannun jari suna da 70, gwamnati tana da 30. A yamma, banki yana da 50, sauran 50 aka raba, masu hannun jari 35, gwamnati 15. Gwamnati tana zaune ne kamar abokiyar tarayya mai kashi 30 cikin 100 na duk abin da ya rage bayan banki, kuma duk lokacin da rabon banki ya ƙaru nata yana raguwa. Shi ya sa masu yamma har yanzu kashi 30 suke samu, miliyan 10.5 a kan 35, kamar yadda suke samu kafin haraji: su da gwamnati suna cikin haɗari iri ɗaya. Ke nan sakamakon 1963 bai rushe na 1958 ba. Jimillar ba ta motsa ba, rabon mai karɓar haraji ne aka gutsura.

## Inda lissafin miliyan 15 ke zubewa

Idan aka bi ƙa'idar ido rufe, za ta ce kamfani ya ci bashi har iya wuya, tunda kowace naira ta bashi tana ƙara kwabo 30. Ba a ganin haka a zahiri, har a manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, kuma dalilan sun fi shafar mai inji a karkara.

Da farko, garkuwar tana aiki ne ga wanda ke biyan harajin. Tun daga Dokar Kuɗi ta 2019 aka yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, kuma sababbin dokokin sun ci gaba da wannan yafiya. Ana auna ƙanƙantar da yawan ciniki na shekara da kadarori, ba da riba ba. Kamfanin da harajinsa sifili ne, garkuwarsa sifili ce, ya koma duniyar 1958 ta wannan fuskar. Mai injin da bai yi rajistar kamfani ba kuwa, ba ya ƙarƙashin harajin kamfanoni tun farko, dokar harajin kuɗin shigar mutum ce ta hau kansa. Yawancin ƙananan injinan ƙauye suna cikin ɗayan waɗannan rukunai biyu.

Sai tsawon bashin. Miliyan 15 ta fito ne daga bashin da ba ya ƙarewa. Idan na shekara uku ne, ana biyan ruwa duk shekara, uwar kuɗin kuma a ƙarshe, rangwamen miliyan 1.5 sau uku ne kawai, darajarsa a yau kusan miliyan 3.7. Idan ana rage uwar kuɗin wata-wata, ya gaza haka. Bashin sayen shanshera da kaka, wanda ake biya cikin watanni, garkuwarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai kuma shekarar da riba ta gaza. A shekarar miliyan 4, gabas za ta biya harajin miliyan 1.2, yamma ba za ta biya komai ba. Rangwamen ya tsaya a 1.2, sauran sai an tura asarar zuwa wata shekara mai riba, ga kamfanin da littafinsa ke tsaf.

Amma babban ramin shi ne tsadar bashin kanta. Misalin ya ɗauka kashi 10 shi ne farashin adalci na wannan bashi. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. A ce masana'antar yamma, da ribarta ta miliyan 20, ta ci bashin miliyan 50 a kan kashi 25. Ruwan ya zama miliyan 12.5, saura 7.5, haraji miliyan 2.25, masu hannun jari su tashi da miliyan 5.25, rabin abin da suke samu a da. Harajinsu ya ragu sosai, garkuwar ta kai miliyan 3.75 a shekara, amma sun biya ƙarin miliyan 7.5 ga banki, gwamnati ta ɗauke musu 2.25 kawai daga ciki. Raguwar haraji ba shaida ba ce ta cewa an ci riba. Alamar da za a duba ita ce ko ribar aiki a kan kowace naira ta jari ta fi kuɗin ruwa, a shekarar kirki da ta tsiya. A ɗaya gefen kuma, rance mai rangwame irin wanda gwamnati kan bayar, kamar shirin lamunin manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, yana iya ƙara wa mai shi arziki, sai dai tallafin da ke cikinsa ne ya kawo ƙarin, ba kasancewarsa bashi ba.

Sai asarar da matsin bashi ke jawowa, wadda lissafin 1963 bai saka ba. Masana'antar da banki ya fara matsa wa takan sayar da shinkafarta da kaka a farashi mai rauni don cika wa'adi, maimakon ta jira bazara. Dillalan da ke ba ta shanshera bashi sukan janye da sun ji ƙishin-ƙishin. Gyaran inji yana jinkirta, ƙwararren mai kula da shi ya koma wani wuri. Idan abin ya kai ga gwanjon kadara, injin da aka kafa ba ya dawo da kuɗinsa. Wannan ɓarnar tana cin ainihin miliyan 100 ɗin, ba rabon gwamnati kaɗai ba.

## Matsayin masana

Daga nan ra'ayoyi suka rabu. Masu ra'ayin aunawa suna cewa kowane kamfani yana da wani mataki na bashi da ya fi dacewa da shi, inda amfanin ƙarin garkuwa ya yi daidai da ƙarin haɗarin matsi. Kamfanin da kuɗin shigarsa ba ya tangal-tangal zai iya ɗaukar bashi mai yawa, wanda ribarsa ke bin damina da farashin dizal kuwa kaɗan ya ishe shi.

Miller da kansa ya dawo a 1977 ya ce a duba harajin da mutane ke biya a kan abin da suka karɓa. Idan mai karɓar kuɗin ruwa yana biyan haraji fiye da mai hannun jari, zai nemi ruwa mai yawa don ya rama, kuma wannan zai iya cinye garkuwar ko wani ɓangare nata.

Stewart Myers da Nicholas Majluf kuma, a 1984, sun dubi abin ta fuskar sani da rashin sani. Mai kamfani ya fi na waje sanin cikinsa, don haka na waje yana tsoron sayen hannun jari sai da rahusa. Sakamakon haka kamfanoni sukan fara da ribar da suka tara, sannan bashi, sabon abokin tarayya kuma sai a ƙarshe. Wannan ya fi kama da yadda masu injina ke yi a zahiri, ko da ba su taɓa jin sunan nazarin ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya ƙaryata hujjar 1958. Kowanne ya ɗauki sharaɗi ɗaya ne daga cikinta ya duba abin da ke faruwa idan ya karye.

Hukumomin haraji ma sun san da wannan lissafi. Dokar Kuɗi ta 2019 ta sa iyaka ga ruwan da kamfani zai cire idan daga wani kamfanin waje mai alaƙa da shi ya ranto, don kada a riƙa shigo da jari da sunan bashi saboda guje wa haraji.

## Ga wanda ba ya mu'amala da ruwa

Masu injina da yawa a Kano da Jigawa ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda haramcin riba, kuma wannan hukunci ne na addini da lissafin haraji ba ya taɓawa. Duk da haka nazarin ya shafe su, domin jigonsa shi ne bambanci tsakanin wanda aka yanka wa adadi da wanda ke jiran saura. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, hanyoyin kuɗi marasa ruwa sun yaɗu a Arewa. A murabaha, banki yana sayen inji ko shanshera ya sayar wa ɗan kasuwa da ƙarin riba sananniya, a biya a hankali. A ijara, ana biyan kuɗin haya. Dukansu biyu adadi ne tsayayye da ake biya ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba, don haka suna tattara haɗari a kan mai injin kamar yadda aka gani a masana'antar yamma. Musharaka da mudaraba kuwa suna ɓangaren hannun jari, domin mai kuɗin yana tarayya a riba da asara.

Idan biyan murabaha ko ijara na shekara ya kai miliyan 5 a kan ribar da ke yawo tsakanin miliyan 4 da 30, lissafin shekarar ambaliya bai canza ba. Ta fuskar haraji kuma, tambayar da mai injin zai yi wa akantansa kafin sa hannu ita ce wane ɓangare na biyan ne doka ta yarda a cire kafin a lissafa haraji, ribar da banki ya ɗora ko kuɗin hayar, da kuma ko kamfanin nasa yana cikin masu biyan kashi 30 ɗin tun farko. Idan yana cikin waɗanda aka yafe wa, amsar tambayar farko ba za ta ƙara masa ko kwabo ba.